Ƙishirwar da Randa Ba Ta Kashewa: Yadda Gwajin Hana Ruwa Ke Gano Tushen Yawan Fitsari

 

A yankin Nguru da Gashuwa ba a mamakin ƙishirwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kowa na neman ruwa, daga mai su a dausayin Haɗeja da Nguru har mai dako a kasuwar Gashuwa. Amma lafiyayyen mutum idan ya sha ruwa da yawa a bazara, gumi ne ke kwashe yawancinsa. Fitsarinsa kan zama kaɗan, ya yi ja, ya yi wari. Wanda shirin yau ke magana a kansa ya sha bamban. Yana sha yana fitarwa, bazara da hunturu, dare da rana, fitsarin kuma fari tas, ba launi ba wari. Yana kwana da buta a gindin gado, ya tashi sau shida ko fiye kafin asuba. Ruwan sanyi yake nema musamman. A yini ɗaya yana iya fitar da lita 10, wani ma har 20, alhali na lafiyayye bai cika wuce lita 2 ba.

Abin da kowa zai fara cewa shi ne ciwon suga. A kai shi asibiti, a soki yatsa, a auna, a ga suga lafiya lau. Daga nan ne ake shiga ruɗu, wasu su koma ga jiƙe-jiƙe, wasu su ce sammu ne. Likitoci kuwa suna da suna ga wannan cuta: dayabitis insifidus. Ba ta da alaƙa da suga ko insulin. Tun a 1794 wani likita Bajamushe, Johann Peter Frank, ya ware ta daga ciwon suga, domin ya lura cewa fitsarin masu ita ba shi da zaƙi. Ba cuta ce mai yawa ba, ana ƙiyasta mutum 1 ne cikin 25,000, shi ya sa mai ita kan daɗe yana yawo kafin a gane.

Kafin a fahimci gwajin hana ruwa, sai an san aikin da ya lalace. Ƙodojin mutum biyu suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini a kowace rana. Da duk wannan zai fita, ba wanda zai kai azahar da rai. Sai dai ƙoda tana mayar da kusan dukkansa cikin jini, ta bar lita ɗaya ko biyu su sauka mafitsara. Mataki na ƙarshe na wannan mayarwa yana hannun wani sinadari mai suna basofresin. Ana yin sa a ƙasan ƙwaƙwalwa, a ajiye shi a wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ake kira fituwitari. Basofresin ɗan aike ne. Idan ruwa ya ragu a jiki, gishirin jini ya ɗan hau, ƙwaƙwalwa sai ta aike shi wurin ƙoda da saƙo guda: riƙe ruwa. Ƙoda ta buɗe wasu ƙananan ƙofofi a bututunta, ruwa ya koma jini, fitsari ya ragu ya yi kauri. Peter Agre, wanda ya gano irin waɗannan ƙofofin ruwa, ya sami kyautar Nobel a kansu a 2003.

Aike kuwa yana lalacewa ta hanya biyu. Ko dai ɗan aiken bai fito ba, ko kuma ya iso amma ƙoda ba ta ji ba. Na farko shi ne nau'in ƙwaƙwalwa. Yana biyo bayan buguwa a kai, irin ta haɗarin babur ko mota, ko tiyatar fituwitari, ko ƙari a wurin, ko sanƙarau da tarin fuka idan sun taɓa ƙasan ƙwaƙwalwa. Na biyu shi ne nau'in ƙoda. Ana iya gadonsa, kuma ya fi bayyana a jarirai maza. A manya kuwa yakan zo daga maganin litiyam da ake ba wasu masu taɓin hankali, ko yawan kalsiyam a jini, ko ƙarancin fotasiyam, ko daɗewar toshewar hanyar fitsari.

Akwai na uku da ke shigar burtu. Mutum ne da ƙwaƙwalwarsa da ƙodarsa ke lafiya, amma yana shan ruwa fiye da ƙima, ko don sabo, ko don damuwa ta zuciya, ko don wani magani na busar masa da baki, ko don an ce masa yawan shan ruwa na wanke ƙoda. Shi ma fitsarinsa fari ne kuma mai yawa. Bambancin shi ne, a nan shan ne ya haifi fitsarin, a can kuwa fitsarin ne ya haifi shan. Da ido ba a rarrabe su. Maganinsu kuma ya yi hannun riga: maganin da ke ceton na farko ba ya yi wa na biyu komai, na uku kuwa yana iya jefa shi cikin farfaɗiya.

Likitan da ya san aikinsa ba ya fara da hana ruwa. Yana fara da jarka. A ba majiyyaci mazubi mai ma'auni ya tara duk fitsarin da ya yi cikin awa 24. Idan babba bai kai lita 3 ba, matsalarsa ta yawan zuwa bayi ce, ba ta yawan fitsari ba, sai a duba mafitsara ko kumburin da ke matse hanyar fitsarin dattawa. Idan ya wuce lita 3, sai a auna suga, kalsiyam, fotasiyam, sodiyam wato gishirin jini, da kiriyatinin wanda ke nuna ƙarfin ƙoda.

Wannan awo na ƙarshe ya fi nauyi a Gashuwa fiye da wurare da yawa. Sanannen abu ne cewa ƙasar Bade da garuruwan da ke bin kogin Komadugu Yobe suna fama da ciwon ƙoda mai tsanani, har gidaje da dama sun san hanyar wankin ƙoda. Ƙodar da ta fara lalacewa, abin da take fara rasawa shi ne ikon kaurara fitsari. Mai ita zai riƙa tashi fitsarin dare, kuma idan aka hana shi ruwa fitsarinsa ba zai yi kauri ba, sai a ɗauka dayabitis insifidus ne. Mafi muni, ƙishirwar gwajin za ta ƙara wa ƙodar rauni. Haka yake ga masu sikila: ƙodarsu kan rasa wannan iko tun suna yara, kuma bushewar jiki na iya tayar musu da ciwo. Irin waɗannan ba a sa su cikin gwajin sai da babban dalili. Ba a yi wa ƙananan jarirai. Haka kuma wanda aka auna aka ga gishirin jininsa ya riga ya hau alhali fitsarinsa tsinkakke ne, ba ya buƙatar a hana shi ruwa, jikinsa ya riga ya nuna ba ya iya riƙe ruwa.

Kaurin fitsari ana auna shi da wata na'ura mai suna osmomita, tana ba da lamba. Jinin mutum yana tsaye ne wajen 285 zuwa 295. Lafiyayyar ƙoda tana iya tsinka fitsari ya sauka zuwa 50, tana iya kaurara shi ya kai 1,200. Lambobi biyu kawai mai sauraro zai riƙe: ƙasa da 300 tsinkakke ne, sama da 800 kakkaura ne.

A ɗauki misali, don a ga yadda abin ke tafiya. A ce wani saurayi ne ɗan shekara 28 mai jigilar kifi a babur, ya faɗi a hanya, kansa ya bugu, ya yi 'yan kwanaki a asibiti aka sallame shi. Makonni sun wuce, ciwon kai ya tafi, amma ya koma shan ruwan leda fiye da 20 a yini. Tarin awa 24 ya ba da lita 12. Suga lafiya, ƙoda lafiya. Aka kwantar da shi don gwaji.

Daren jajibere an bar shi ya sha ruwa iyakar ƙishirwarsa, domin mai fitar da rabin lita a kowace awa ba a hana shi ruwa cikin dare ba tare da ido a kansa ba. An hana shi shayi, kofi da goro, saboda suna ƙara fitsari. An hana shi taba, saboda nikotin na tunzura basofresin ya fito, ya ɓata sakamako. Ƙarfe 8 na safe ya zubar da abin da ke mafitsararsa, ya hau sikeli: kilo 60 daidai. Nan take nas ta yi lissafi ta rubuta a saman takarda da jan biro: 58.2. Wato kashi 3 cikin 100 na nauyinsa, kilo 1.8, an cire. Idan ya sauka zuwa nan, gwaji ya ƙare, ko mene ne sakamakon. Aka ɗebi jini, sodiyam 141. Kaurin fitsari 90. Aka ɗauke kofi da gora daga ɗakin.

Daga nan kowace awa ana auna fitsarin da ya yi, ana sa shi a sikeli, ana duba bugun zuciya da hawan jini. Bayan kowace awa biyu a ɗebi jini. Ƙarfe 10, ya fitar da lita ɗaya, nauyi ya koma 59, sodiyam 145, kaurin fitsari 110. Leɓɓansa sun bushe, yana roƙon ko maƙurwa ɗaya. Lafiyayyen mutum da jininsa ya yi gishiri haka, da tuni fitsarinsa ya ragu ya yi ja. Na wannan saurayi yana nan fari, yana zuba yadda ya fara. Ƙarfe 12, nauyi 58.1, sodiyam 149, kauri 120. Ya tsallake jan layi, aka tsaya. Gwajin da aka tsara na awa 8 ya ƙare a awa 4, kuma ya amsa tambayar farko: ba yawan sha ne ke damunsa ba, jikinsa ba ya iya riƙe ruwa.

Saura tambaya ta biyu, wato laifin na ƙwaƙwalwa ne ko na ƙoda. Sai a yi masa allurar desmofresin, maikurogiram 2. Desmofresin basofresin ne na kamfani. An aro wa ƙoda ɗan aike ke nan daga waje, a ga ko za ta ji. Yanzu an bar shi ya ci ya sha, amma da awo, kada ya wuce ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da ya fitar lokacin gwaji, domin ƙofofi sun kusa rufewa, ruwan da ya shiga zai zauna. Cikin awa biyu fitsarinsa ya sauka daga rabin lita a awa zuwa abin da bai cika ƙaramin kofin shayi ba, ya yi launi a karon farko cikin makonni, kauri ya tashi daga 120 zuwa 550. Ƙa'idar ita ce, idan kauri ya ƙaru da fiye da rabi bayan allura, ƙoda na ji, ɗan aike ne babu. Nasa ya ninka fiye da sau huɗu. Nau'in ƙwaƙwalwa ne cikakke, buguwar kai ce ta taɓa fituwitari. Abin da ya rage shi ne hoton ƙwaƙwalwa da awon sauran sinadaran da wannan ƙullutu ke fitarwa.

Da a ce wani ne a kan gadon, mai shan litiyam shekara da shekaru, rabin farko na gwajin zai tafi kusan haka. Amma bayan allura kauri zai motsa daga 120 zuwa 130 kawai, fitsari ya ci gaba da zuba. Nau'in ƙoda ke nan. Da kuma mai yawan sha ne, da labarin ya canja tun rabin farko: sodiyam ɗinsa zai fara daga ƙasa, wajen 135, fitsari ya riƙa raguwa awa bayan awa, nauyi ya ƙi faɗuwa sosai, kauri ya hau har ya doshi 800 ba tare da allura ba.

Waɗannan uku su ne masu sauƙi. Gaskiyar aikin asibiti ita ce mutane da yawa suna faɗawa tsakani, kaurin fitsarinsu ya tsaya tsakanin 300 da 800. Wani yana da ɗan basofresin, bai dai isa ba. Wani kuma mai yawan sha ne wanda ruwa ya wanke gishirin da ke can tsakiyar ƙodarsa, wanda da shi ne take jan ruwa, don haka ko an hana shi sha ba za ta kai 800 a yini ɗaya ba. Tsarin da Miller da abokan aikinsa suka wallafa a 1970, wanda har yau ake bi, ya ce a dubi ƙarin da allura ta kawo: idan ya haura kashi 9 cikin 100 a karkata ga ƙarancin basofresin, idan bai kai ba a karkata ga yawan sha. Layi ne siriri ƙwarai. Wani babban bincike da masana na Basel a Suwizalan da na Jamus suka jagoranta, aka wallafa a 2018, ya nuna gwajin hana ruwa ya dace da gaskiya a kashi 77 cikin 100 ne kawai, yayin da sabon awon wani sinadari mai suna kofeptin, wanda ke fitowa tare da basofresin, ya dace a kusan kashi 97. Kofeptin sai manyan ɗakunan gwaji. Inda babu shi, likita yakan haɗa sakamakon da tarihin majiyyaci, wani lokaci ya ba da ɗan desmofresin na kwanaki kaɗan yana auna sodiyam, ya ga inda jiki ya nufa.

Abubuwa biyu ke yawan ɓata gwajin, kuma sikeli ne ke tona duka biyun. Na farko shan ruwa a ɓoye. Ba rashin gaskiya ba ne, ƙishirwar ce ta fi ƙarfin haƙuri, har mutum ya sha daga famfon bayi ko butar alwala, ko uwa ta tausaya ta miƙa ruwan leda ta taga. Lita ɗaya ta fitsari kilo ɗaya ce. Idan mazubi ya nuna lita 2 sun fita amma sikeli ya ce rabin kilo ya ragu, to ruwa ya shiga ta wata hanya. Wanda gwajinsa ya kai lokacin azahar, a raka shi alwala, a tuna masa ya furzar da ruwan kurkure baki. Na biyu shi ne zafinmu. Idan sikeli ya nuna raguwa fiye da fitsarin da aka tara, gumi ne ke cin ruwan, majiyyaci zai kai jan layi kafin ƙoda ta nuna halinta. Saboda haka a Nguru ko Gashuwa, gwajin nan na safiya ne, a ɗaki mafi sanyi, kuma idan ba gaggawa, gara a yi shi lokacin hunturu.

Ba kowane asibiti ke da osmomita ba. Inda babu, ana amfani da awon nauyin fitsari. Lamba 1.005 ko ƙasa tana nufin tsinkakke ƙwarai, 1.010 ta yi daidai da 300, 1.020 kuwa ƙoda ta fara kaurarawa. Kaurin jini kuma ana lissafa shi: a ninka sodiyam sau biyu, a ƙara suga da yuriya, duka a ma'aunin milimol. Wannan ya isa gano cikakkun nau'o'in. Ga masu tsakani kuwa, daga babban asibitin Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, hanya kan miƙa zuwa asibitocin koyarwa na Damaturu, Maiduguri ko Aminu Kano, inda ake samun likitocin ƙoda da na sinadaran jiki.

Batun azumi ba ya kaucuwa. A 2023 da 2024 Ramadan ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar zafi. Saurayin misalinmu ya rasa kusan kilo 2 cikin awa 4 yana kwance a inuwa. Azumin awa 13 ko 14 a rana, ba magani, zai kai gishirin jininsa inda ake ruɗewa, a suma, a mutu. Wanda ya lura cewa cikin azumi fitsarinsa bai ragu ba, yana nan fari mai yawa har bayan azahar, ga jiri ga bugun zuciya, ya sha ruwa ya nufi asibiti. Shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya. Kuma kada wani ya ji wannan shiri ya kulle ɗansa ko matarsa a ɗaki don ya gwada da kansa. Abin da ke sa gwajin ya zama gwaji shi ne sikeli, awon jini, da allurar da ke jira a gefe. Masu jinya su ma su kiyaye: mai wannan cuta ƙishirwarsa ce ke raya shi, idan ya suma ko aka ce kada ya ci kada ya sha kafin tiyata, dole a ba shi maganinsa da ƙarin ruwa. An yi asarar rayuka a Turai saboda ma'aikata sun ji sunan cutar sun ɗauka ciwon suga ne, har ƙungiyoyin likitoci suka sauya mata suna a 2022, suka koma kiran nau'in farko ƙarancin basofresin, na biyu kuma bijire wa basofresin.

Idan gwaji ya nuna nau'in ƙwaƙwalwa, magani desmofresin ne, ƙwaya ko feshin hanci, kuma sau da yawa daren farko mutum yake yin barcin da ya daɗe bai yi ba. Haɗarinsa ɗaya: wanda ya ci gaba da shan ruwa kamar da alhali ƙoda ta riƙe, gishirin jininsa zai faɗi, ya fara ciwon kai, tashin zuciya, har farfaɗiya. Shi ya sa ake ce masa ya sha idan ya ji ƙishirwa kawai, wasu likitocin kuma su sa a jinkirta ƙwaya ɗaya a mako har fitsari ya sake zuba. Wannan ne haɗarin da ke jiran mai yawan sha idan aka yi kuskure aka ba shi maganin. Nasa maganin shi ne rage sha sannu a hankali da magance abin da ke sa shi. Nau'in ƙoda kuwa ana bin sanadinsa: a gyara kalsiyam ko fotasiyam, a buɗe toshewa, a zauna da likitan ƙwaƙwalwa kan litiyam, kada majiyyaci ya daina da kansa. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, domin duk gishirin da aka ci sai ya ja ruwa ya fita da shi. Akwai kuma ƙwayar tayazayid, wadda a wasu take ƙara fitsari, amma a wannan cuta take rage shi.

Mai niyyar zuwa asibiti da wannan koke zai rage wa kansa zirga-zirga idan ya yi shiri tun a gida. Ya sami jarka mai tsabta da gorar da ya san awonta. Ya zubar da fitsarin farko na safe, ya tara duk na bayansa har da na farkon safiyar gobe, ya rubuta yawansa. Ya ƙirga ledar ruwa ko kofin da ya sha, da sau nawa ya tashi da dare. Ya ɗauki duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya. Ya gaya wa likita idan ya taɓa buguwa a kai, ko ya yi sanƙarau, ko yana da sikila. Mace ta faɗi idan tana da ciki, domin akwai nau'in da mahaifa ke haddasawa a watannin ƙarshe, wanda desmofresin ke yi wa magani, kuma yakan wuce da kansa cikin makonni bayan haihuwa.